Ƙirgen perft: yadda ake kama kuskuren doka a manhajar wasan ces

Duk manhajar da ke buga wasan ces, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai, tana da wani sashe da aikinsa ɗaya ne kawai: a ba shi allo, ya jero duk motsin da doka ta yarda a yi. Idan wannan sashe ya manta da motsi ɗaya, ko ya yarda da haramtacce, manhajar za ta iya buga wasa ɗari lafiya lau kafin ranar da za ta yi abin kunya. Masu rubuta irin wannan manhaja suna da gwajin da ke tona asirin kuskuren tun da wuri, sunansa `perft`.

Mene ne shi?

Ƙirge ne. Ka ɗauki allo, ka buga kowane halastaccen motsi, a bayan kowanne ka buga kowace amsa ta abokin wasa, ka ci gaba har zurfin da ka zaɓa, sannan ka ƙirga allunan da ka tarar a ƙarshe. Zurfi a nan yana nufin yawan motsi, kuma motsin mutum ɗaya shi ne mataki ɗaya. Daga farkon wasa fari yana da motsi 20: sojoji takwas kowanne da biyu, dawakai biyu kowanne da biyu. Baƙi ma yana da 20 a bayan kowanne, don haka zurfi na 2 ya ba da 400. Zurfi na 3 ya ba da 8,902, na 4 kuma 197,281, na 5 ya kai 4,865,609.

Waɗannan lambobi manhajoji da yawa sun ƙirga su sun dace. Idan taka ta ba da 8,903, ba a cewa ta kusa. Akwai kuskure.

Yaya ake rubuta shi?

```python
def perft(allo, zurfi):
    if zurfi == 0:
        return 1
    jimla = 0
    for m in allo.halastattun_motsi():
        allo.buga(m)
        jimla += perft(allo, zurfi - 1)
        allo.janye(m)
    return jimla
```

Ka lura da abu biyu. Idan hanyoyi biyu daban sun kai ga allo iri ɗaya, sau biyu ake ƙirga shi. Wasan da ya ƙare kafin a kai zurfin kuma, misali an rutsa sarki, ba ya shiga lissafi. Ka kuma ga cewa ba jerin motsi kaɗai ake gwadawa ba, har da bugawa da janyewa. Idan janyewa ba ta mayar da allo daidai yadda yake ba, jimlar za ta lalace.

Idan lambobin farkon wasa sun dace, an gama ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane suke ruɗuwa. Allon farko ba ya taɓa dokoki masu wuya sai an yi nisa. Cin wucewa, wato sojanka ya ci sojan da ya yi tsalle gida biyu ya tsaya gefensa, ba ya bayyana sai a zurfi na 5. Motsin da sarki da hasumiya suke yi tare sai a zurfi na 7, inda allunan sun haura biliyan uku. Sojan da ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya kuwa sai a zurfi na 9. Shi ya sa ake amfani da allunan da aka shirya musamman. Mafi shahara shi ne Kiwipete na Peter McKenzie, wanda ke ba da 48, sai 2,039, sai 97,862, kuma tun matakin farko akwai motsin sarki da hasumiya a ciki.

To idan lamba ta saɓa, ina zan nemo kuskuren?

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. Ga wani sanannen allon gwaji, a rubutun FEN, wato hanyar rubuta allo duka a layi ɗaya. Za ka iya ba manhajar Stockfish, wadda kyauta ce, ta zama ma'auninka:

```
position fen 8/2p5/3p4/KP5r/1R3p1k/8/4P1P1/8 w - - 0 1
go perft 2
```

Amsar gaskiya ita ce 14 a zurfi na 1, da 191 a zurfi na 2. A ce taka ta ba da 14, sannan 193. Akwai motsi biyu da suka yi yawa, amma jimla kaɗai ba za ta nuna maka su ba.

Dabarar ita ce rarrabawa. Maimakon jimla ɗaya, ka sa manhajarka ta buga lamba a gaban kowane motsi na farko. Stockfish ma haka take yi. Ka jera naka da nata gefe da gefe. Sha biyu za su dace, biyu za su saɓa: `e2e4` naka 17, nata 16, `g2g4` naka 18, nata 17. Yanzu ka buga `e2e4` a allon, ka rage zurfi zuwa 1, ka sake kwatantawa. Motsin da ke jerinka amma babu shi a nata shi ne `f4e3`.

Duba allon da idonka. Hasumiyar fari tana b4, sarkin baƙi yana h4, layi ɗaya suke. Tsakaninsu akwai sojan fari da ya sauka e4 da sojan baƙi a f4. Idan baƙi ya yi cin wucewa, sojansa ya bar f4 zuwa e3, an kuma ɗauke na e4. Motsi ɗaya ya kwashe sojoji biyu daga layin, hasumiya ta hango sarki. Doka ba ta yarda mutum ya buɗe wa sarkinsa hari ba, don haka motsin haramun ne.

Me ya sa manhajar ta yarda da shi? Yawanci saboda an koya mata ta duba ko abin da zai motsa shi kaɗai ne ke tare wa sarki hari. A nan biyu ne suke tarewa, sai ta ɗauka babu matsala. Cin wucewa ne kaɗai motsin da ake ɗauke abin da aka ci daga wani gida daban da wanda aka sauka. Gyaran da na fi yarda da shi shi ne mafi sauƙi: duk lokacin cin wucewa, a cire sojojin biyu a allo, a sa mai ci a sabon gidansa, sannan a duba ko sarki na cikin hari. Motsin ba ya yawan zuwa, don haka ba zai rage saurin manhajar ba. Da ka gyara, `g2g4` ma za ta koma 17, domin ciwon ɗaya ne.

Idan saɓanin a zurfi na 5 ya fito, hanyar ba ta canza ba. Ka bi motsin da ya saɓa, ka rage zurfi da ɗaya, ka maimaita har ka iso zurfi na 1.

Nawa zai ci maka?

Ba kuɗi, sai lokaci. Daga allon farko, kowane ƙarin mataki yana ninka aikin sau ashirin ko fiye, zurfi na 6 kaɗai alluna 119,060,324 ne. Shawarata ita ce alluna da yawa a zurfi kaɗan sun fi allo ɗaya a zurfi mai nisa, kuma ka sake gudanar da su duk lokacin da ka taɓa sashen motsi.

Me gwajin ba ya gani?

Ba ya duba dokar maimaita allo sau uku ko dokar motsi hamsin, kuma ba ya cewa komai kan ko manhajar ta iya zaɓen motsi mai kyau. Haka nan kurakurai biyu suna iya rufa wa juna asiri: ɗaya ya ƙara motsi, ɗaya ya rage, jimla ta fito daidai. Maganin wannan shi ne ka ƙirga ci, da cin wucewa, da harin sarki, kowanne daban, ka kwatanta su da sanannun lambobi. A allon farko, misali, zurfi na 3 dole ya ƙunshi ci 34 da harin sarki 12, zurfi na 5 kuma cin wucewa 258.