Dalilin da ke sa mai inshorar lafiya sayen magani da kuɗin aljihunsa

A ƙa'idar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ma'aikacin gwamnati da aka rubuta wa magani kashi 10 cikin 100 kawai zai biya, tsarin ya ɗauki sauran 90. Amma da yawa daga cikin masu riƙe da katin sun san amsar da ake ba su a tagar ɗakin magani: “Wannan babu shi, sai dai a saya a waje.” Amsar ba kullum take nufin sakaci ba. Sau da yawa lissafi ne, domin magani ɗaya farashi biyu gare shi: na kasuwa, wanda ke motsi kullum, da wanda ke rubuce a jadawalin hukuma, wanda kan daɗe bai motsa ba.

Farashin kasuwa daga Dala yake farawa. Mafi yawan magungunan da ake sha a Najeriya shigo da su ake yi, musamman daga Indiya da China, kuma kamfanonin cikin gida ma daga waje suke sayo sinadaran haɗawa. Bayan kaya sun sauka sai su bi hannu uku ko fiye: mai shigowa, babban dila, sannan kantin da ke sayar wa mara lafiya. Kowannensu yana ɗora ribarsa ne a kan farashin da ya saya, wanda tuni ribar na gabansa ke ciki.

A ɗauki misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Kwalin maganin hawan jini na wata guda ya sauka a hannun mai shigowa a kan Naira 4,000. Ya ɗora kashi 20, ya zama 4,800. Dila ya ɗora kashi 10, ya zama 5,280. Mai kanti, da ke biyan haya da albashi da man janareta, kuma yake asarar abin da wa'adinsa ya ƙare, ya ɗora kashi 30, ya kai kusan 6,900. Idan aka tara 20 da 10 da 30 sittin ne, amma ainihin ƙarin ya haura kashi 70, saboda riba ce kan riba.

To, idan Dala ta ninka, kwalin zai sauka a 8,000, ya isa hannun dila a 9,600, ya bar hannunsa a 10,560, ya kai kanti a wajen 13,700. Babu wanda ya ƙara kasonsa a cikinsu, amma mai saye ya ga ƙarin Naira 6,800, alhali a tashar ruwa 4,000 ne ya ƙaru. Abin da ya faru a zahiri ya ma zarce haka: Dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Agustan 2023 kuma kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar, sai irin su Augmentin da Ventolin suka yi wuya, suka yi tsada. 'Yan kasuwa ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalilin da ya sa tsohon kaya ma ke tashi: da kuɗin da za a sake sarowa ake sa farashi.

Shi kuwa asibitin da ke karɓar masu inshora ba shi da wannan 'yancin. Kashi 10 da mara lafiya ke biya daga farashin jadawalin hukuma ake cire shi, kuma jadawalin da sunan asalin magani yake aiki, ba sunan kamfani ba, kamar yadda farasitamol yake asali, Panadol kuma sunan da kamfani ya raɗa. A ce jadawali ya sa wancan kwalin a kan 6,000. Mara lafiya zai biya 600, a nemi 5,400 daga tsarin. Lokacin da asibitin ke saro shi a 5,280, yana da rarar 720 a kowane kwali. Ranar da sari ya koma 10,560 jadawali kuma yana nan a 6,000, kowane kwalin da ya miƙa asarar 4,560 ce. Daga nan ne “babu shi” ke fitowa, kuma mutumin da ya kamata ya biya 600 ya tsallaka titi ya biya 13,700.

Yadda sauran kashi 90 ɗin ke zuwa ma yana da tasiri. A matakin farko na jinya, wato zazzaɓi da awon ciki da makamantansu, ba a biyan asibiti bisa adadin maganin da ya bayar. Ana ba shi ƙayyadadden kuɗi ne duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. Shekaru da dama wannan kuɗi Naira 750 ne. Asibiti mai mutum 1,000 zai karɓi 750,000 a wata, daga ciki zai fitar da ganin likita da gwaji da magani. Dabarar ita ce masu lafiya su ɗauki nauyin marasa lafiya, kuma tana aiki muddin magani na da sauƙi. Idan ya yi tsada, majinyata kaɗan masu shan magani kowane wata sun isa su lashe kason kowa. A mataki na biyu, inda ake buƙatar ƙwararren likita, asibiti sai ya nemi lambar izini daga kamfanin kula da inshorar, wato HMO, ya yi aikin, sannan ya aika takardar neman biya. Jinkirin biyan shi ma tsada ne, domin dila ba ya jiran HMO.

Hukumar ta yi gyara: ta ƙara kuɗin a 2024, sannan daga Afrilun 2025 kuɗin kowane mutum ya kusan ninka na da, aka kuma ɗaga farashin ayyukan mataki na biyu sosai. A Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin cire harajin shigo da sinadarai da injinan haɗa magani. Wannan ya rage giɓin, sai dai matsalar ta asali tana nan: kasuwa na sauya farashi cikin mako, jadawali kuwa sai an zauna taro.

Mai kati na iya gane inda matsalarsa take tun a taga. Idan sunan kamfani likita ya rubuta, akwai yiwuwar maganin yana nan da sunansa na asali, da sinadari ɗaya da ƙarfi ɗaya. Mai harhaɗa magunguna ne zai tabbatar, kuma a kan wannan kashi 10 za a biya. Idan maganin ba ya cikin jadawali kwata-kwata, inshora ba ta ɗauke shi ba, sai likita ya duba ko akwai madadinsa a ciki. Idan kuwa yana ciki aka ce ya ƙare, ko aka nemi ciko a kan kashi 10, abin kai ƙara ne ga HMO da sunansa ke kan katin, in bai yi komai ba a tafi ofishin NHIA na jiha, tare da takardar likita da rasit.

Ɗan kasuwar da ba shi da inshora sunan asali shi ma ke rage masa kuɗi, tunda kamfanoni da yawa ke yin magani iri ɗaya a farashi daban-daban. Sai dai sauƙi na da iyaka. Kwalin da ake sayarwa ƙasa da kuɗin sarinsa, ko wanda ba shi da lambar rajistar NAFDAC, ko wanda aka kankare ranar ƙarewar wa'adinsa, a bar shi a kan kanta.