Kulle asusu ko da shafin ya zo da Larabci

A kasuwar 'yan waya ta Sakkwato, wani ɗan kasuwa ya miƙa wa mai gyara hoton allon da ƙanensa ya turo daga Makka. Shafin tsaron Gmail ne, amma duk da Larabci.

Mai gyaran bai iya Larabci ba. Sai ya buɗe shafin da Turanci a tasa wayar, ya jera su gefe da gefe, yana lura cewa komai ya juya daga dama zuwa hagu. Da ya gano layin 2-Step Verification, ya zagaye shi da ja, ya mayar da hoton.

«Alhaji, ka ce masa ya sa layin wayar da ke hannunsa can, don lamba shida za ta shigo ta saƙo. Kuma kada ya turo hotonta ga kowa, har ni.»