Bulala da Koyo: Nazari a Kan Horon Duka a Makarantun Firamare

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba ko dukan da ake yi wa yara a makaranta yana taimakon koyo, ko kuwa illa yake yi masa. Tun da farko ya kamata mu rarrabe horo da duka, domin sau da yawa gardamar takan rikice ne saboda an ɗauki kalmomin biyu tamkar abu guda. Ba mai musun cewa yaro yana bukatar horo, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin tambaya shi ne, shin tsumagiya da dorina da rula a bayan yatsu da tsallen kwaɗo su ne ke yin tanƙwarawar?

Duka a makaranta iri biyu ne. Akwai wanda ake yi saboda laifi, kamar faɗa ko sata ko makara. Akwai kuma wanda ake yi saboda kuskure, watau yaro ya faɗi lissafi ko ya kasa karanta kalma. Wannan na biyu shi za mu fi tsayawa a kansa, domin a nan ne illar ta fi fitowa fili. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa malami ba ya iya koyarwa sai yana ganin kuskuren ɗalibinsa, ita kuwa bulala abin da take koya wa ɗalibi shi ne ya ɓoye kuskuren.

2.0 Misali daga darasin lissafi

Mu ƙaddara yaro ne ɗan aji biyu, an ba shi lissafin ɗebewa guda goma. Da aka ce ya ɗebe 21 daga 64 ya rubuta 43, ya yi daidai. Da aka ce ya ɗebe 37 daga 52 sai ya rubuta 25, alhali amsar 15 ce. Haka ya faɗi shida daga cikin goman. Malamin da ya saba da bulala zai lissafta shida, ya tsala masa shida, ya ce gobe ya mai da hankali.

Amma wanda ya tsaya ya dubi 25 ɗin nan zai ga ba ƙagenta yaron ya yi ba. A gidan ɗaya-ɗaya ya ga 2 a sama, 7 a ƙasa. An taɓa gaya masa ba a ɗebe babba daga ƙarami, saboda haka ya juya su, ya ɗebe 2 daga 7 ya sami 5. A gidan goma-goma ya ɗebe 3 daga 5 ya sami 2. Ashe yaron ya mai da hankali ƙwarai, ƙa'ida yake bi, sai dai ƙa'idar ce karkatacciya. Ana gane haka da abu guda: duk lissafin da ba ya bukatar aro ya ci, duk mai bukatar aro ya faɗi, kuma a kowanne amsarsa ta zarce ta gaskiya. Watau kuskure ɗaya ya yi sau shida, aka dake shi sau shida. Maganinsa ba ya wuce 'yan mintoci. A ba shi ƙulli biyar na tsinken ashana, goma-goma, da tsinke biyu a sake, a ce ya ba da bakwai. Da kansa zai ga tilas ya kwance ƙulli ɗaya, ya zama yana da huɗu a ɗaure da goma sha biyu a sake. Wannan shi ne aron da ya gagare shi a kan allo.

To, me bulala shida ta sanar da shi? Ta sanar da shi cewa 25 ba daidai ba ce, abin da jan biro ya riga ya gaya masa. Ba ta nuna masa inda 15 ta fito ba. Tunda yake bai san hanyar tsira ta ilmi ba, sai ya nemi wata. Kashegari zai zauna kusa da wanda ya iya ya kwafa, ko ya ce ya manta littafinsa a gida, ko ya lafe a bayan aji. In malam ya tambaya, "Kun gane?" zai fi kowa ɗaga murya da "E, Malam!" Littafinsa ya gyaru, ajin ya yi tsit, malam ya ɗauka bulala ta yi aiki. Karkatacciyar ƙa'idar kuwa tana nan, za ta bi shi har darasin rabawa mai tsawo, inda kowane mataki sai an yi ɗebewa, a lokacin kuma gano asalinta ya yi wuya.

Bugu da ƙari, lissafi irin wannan yana bukatar yaro ya riƙe abubuwa biyu ko uku a ka lokaci guda: ya tuna ya ari goma, ya tuna 5 ta koma 4. Abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci ɗaya kaɗan ne, tsoro kuwa yana cinye wurin. Shi ya sa yaron da ya amsa daidai a kan bencinsa yakan daburce idan aka tsai da shi gaban allo, malam na kaɗa bulala.

3.0 Abin da magabata da masu bincike suka gani

Wasu sukan ce ƙin duka ra'ayin Turawa ne da aka shigo mana da shi. Tarihi bai goyi bayansu ba. A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, Ibn Khaldun ya ware fasali a kan cewa tsananta wa masu koyo cutar da su ne. Ya bayyana cewa wanda ya tashi cikin ƙuntatawa karsashinsa yakan mutu, ya koma ga kasala da ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. A nan ne kuma ya kawo maganar Ibn Abi Zaid, mai Risalar da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, cewa in dukan ya zama tilas kada ya wuce bulala uku. Ko malaman da suka yarda da duka, ashe, iyaka suka sa masa. Maganar nan da akan ji, wai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci, ta yi nesa da wannan taka-tsantsan.

Batun ƙarya da Ibn Khaldun ya ambata an jarraba shi a zamaninmu. A 2011 Victoria Talwar da Kang Lee suka buga sakamakon binciken da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasar Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Yaran 'yan shekara uku zuwa huɗu ne. Akan ajiye abin wasa a bayan yaro, a ce kada ya waiwaya, a fita a bar shi. A makarantun biyu yawancin yaran sun waiwaya, watau tsoron duka bai hana laifin ba. Bambancin ya fito ne da aka tambaye su. A makarantar da ake duka kusan duk waɗanda suka waiwaya sun musa, a ɗayar kuwa kaɗan fiye da rabi ne suka musa. Har ila yau yaran makarantar duka sun fi iya riƙe ƙaryar idan aka bi su da tambaya. Makarantu biyu ba su isa a yanke hukunci ba, amma abin da aka gani ya zo daidai da halin yaronmu mai kwafar amsa.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi da ya kamata a fuskanta. Mai gardama zai ce: ba duka ne ya hana yaro ƙoƙari ba, rashin ƙoƙarin ne ya jawo masa duka. Hanyar warware wannan ita ce a bi yara tsawon shekaru. Binciken Young Lives ya yi haka a Habasha da Indiya da Peru da Vietnam, kuma rahoton da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya buga a 2015 ya nuna cewa a Indiya da Peru da Vietnam, yaran da aka daka a makaranta suna da shekara takwas sun sami maki ƙasa da na takwarorinsu a lissafi suna da shekara goma sha biyu, bayan an yi la'akari da halin gidajensu, an kuma gwada yaran gari ɗaya da juna. Rahoton ya kuma nuna 'ya'yan talakawa sun fi shan dukan. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san makarantunmu: mai zuwa ba littafi, mai makara don ya je talla ko ɗebo ruwa, su bulala ke fara samu.

4.0 In an ajiye bulala, ajin zai rikice?

Wannan ita ce hujjar malamai, kuma bai kamata mu da ke zaune a jami'a mu raina ta ba. Wanda aka damƙa wa yara ɗari a ɗaki ɗaya, ba benci, ba littattafai, ba wanda ya koya masa wata dabara, ba mugunta ce ta sa ya ɗauki tsumagiya ba. Doka ma ta daɗe da ba shi dama: sashe na 55 na dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya yarda malami ya hori yaron da aka ba shi amana muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Kuma gaskiya ne duka yana tsai da surutu nan take. Aibinsa shi ne ladabin yana tsayawa ne a inda idon mai bulala ya tsaya. Malam na fita, ajin ya koma kasuwa.

An gwada amsar tambayar a Uganda. A gundumar Luwero aka ɗauki makarantun firamare 42, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka bi wani shiri na ƙungiyar Raising Voices har wata goma sha takwas. A shirin ana koya wa malamai hanyoyin ladabtarwa ba da duka ba, ana kafa kwamitocin ɗalibai da malamai da iyaye, ana tsara dokokin makaranta tare da yara. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa a makarantun da ba a taɓa ba, kusan kashi 49 cikin ɗari na yara sun ce wani ma'aikaci ya dake su a makon da ya wuce, a na shirin kuwa kashi 31 ne. Yaran sun ƙara jin kwanciyar hankali a makaranta. Makin jarrabawa kuwa bai faɗi ba, bai kuma hau ba.

Wannan sakamako ya taɓa ɓangarorin biyu. Mai cewa karatu zai rushe in ba bulala bai sami shaida ba. Mai cewa da an ajiye ta ilmi zai bunƙasa shi ma bai samu ba, domin janye duka yana sa yaro ya yarda a ga kuskurensa ne kawai, saura kuwa aikin malami ne. A ganina, hedimasta ya fara da hana duka a kan faɗuwar darasi tun kafin a kai ga batun laifi, gama wannan ba ya bukatar kuɗi ko sabuwar doka. Malamin da ke da yara ɗari ba zai iya duba littafin kowa ba, amma zai iya ɗaukar goma daga layuka dabam-dabam, ya nemi amsar banza da ta fi maimaituwa. In ya ga 25 a littattafai huɗu daga cikin goman, ya san akwai yara da dama a ajin masu juya lambobi, darasin gobe kuma sai ya fara da ƙullin tsinke a gaban kowa, ba tare da an kira sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.