Jakar Hannun Maniyyaci Dattijo: Abin da Bai Kamata Ya Rabu da Shi Ba

Babbar jaka takan makara a filin jirgin Jidda ko Madina, wani lokaci har kwanaki. Saboda haka duk mai haɗa wa Baba ko Inna kayan aikin Hajji ya fara da ƙaramar jakar da za su rataya a jiki.

A cikinta za a sa fasfo, biza, da katin rigakafin shawara da na sanƙarau. Allurar sanƙarau sai ta kwana 10 kafin a shiga Saudiyya, don haka ba aikin daren tashi ba ne. A yi kwafin kowace takarda, ɗaya a babbar jaka, ɗaya a bari gida. Katin Nusuk da za a ba su kuwa, a wuya yake zama, domin da shi ake shiga Mina da Arfa.

Wajen magani ne aka fi yin sakaci. A ce dattijo mai hawan jini yana shan ƙwaya biyu kullum, zamansa kuma zai kai kwana 40. Ƙwaya 80 ke nan. A ƙara masa na mako biyu, wato 28, tunda jirgin dawowa kan yi jinkiri. A raba, rabi a hannu, rabi a babbar jaka, kowanne cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan maganin. Ƙulla ƙwayoyi a leda, kamar yadda muka saba, yana jawo tuhuma a wurin bincike. Mai ciwon suga kada ya bari insulin ta shiga cikin kayan awo, sanyin ƙasan jirgi na iya daskarar da ita, zafin rana ma yana kashe ƙarfinta. Tiramol da kodin ba tare da takardar likita ba suna kai mutum kurkuku. Goro ma an hana, duk da na san wannan ne ya fi yi wa tsofaffinmu ciwo. Kada kuma a karɓi saƙon kowa a filin jirgi.

Namiji ya tafi da harami biyu da ɗamara mai aljihu. Mace ta nemi dogayen riguna da hijabi na auduga marasa nauyi. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, domin sabo kan fasa ta a tafiyar jifan Shaiɗan.

A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, zafi kuma ya haura digiri 50. Lema da gorar ruwa da ƙunshin gishiri da suga na ORS sun zama dole. A haɗa da sabulu da man baselin marasa ƙamshi saboda gugar cinya, da tabarau na biyu, da 'yar kujerar naɗewa ga mai ciwon gwiwa.