Wasiƙar da ta fara da taya murna: me aka ba ka, me aka rataya?

Daga watan Yuni kowace shekara, masu neman tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa tun 1983, sukan zauna waya a hannu suna jiran saƙon imel ɗaya. Ranar da ya iso, ido kan tsaya a layin farko, inda aka rubuta "Congratulations". Kafin a kai layi na uku an kira gida, Hajiya ta rangaɗa guɗa, wani kawu ya fara tambayar ranar tafiya. Alhali kalmar da ta fi nauyi a saƙon tana can gaba kaɗan: "conditionally selected". Ma'anarta an zaɓe ka, amma bisa sharaɗi.

A ce wata malamar makaranta ce daga Zariya ta samu wannan saƙo. Ta cika takardun neman tun bara, ta zaɓi kwasa-kwasai uku na digiri na biyu, ta je an yi mata tambayoyi baki da baki. Me ke hannunta yanzu? Gurbi ne aka ajiye mata, kuma gurbin yana rataye da wata takarda da ba Chevening ke bayarwa ba. Dole ta miƙa shaidar cewa ɗaya daga cikin jami'o'in da ta zaɓa ta karɓe ta ba tare da wani sharaɗi ba, kafin wa'adin da ake sanyawa a watan Yuli.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin jami'o'in Birtaniya takarda iri biyu suke turawa, kuma dukkansu da fara'a suke farawa. Akwai "conditional offer", akwai "unconditional offer". Bambancinsu a ido haruffa biyu ne kacal. Ta farko tana cewa za a karɓe ki idan kin kawo kaza da kaza: sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS da maki kaza, ko ainihin takardar sakamakon digiri daga jami'ar da kika gama, ko wasiƙar wani malaminki. Ta biyu ce ke cewa an gama, kujerarki na nan. Idan malamar nan ta riƙe ta farko tana zaton ta biyu ce, sai ranar wa'adi ta zo tana bin ofishin jami'arta ta dā a fitar mata da takardar sakamako. Duk wanda ya taɓa neman irin wannan takarda ya san ba aikin kwana biyu ba ne. Wa'adi ya wuce, gurbin ya koma ga wani.

Shi wancan wanin ma yana riƙe da nasa saƙon, mai cewa shi "reserve candidate" ne, wato ɗan jiran ko-ta-kwana. Ba a yi masa alkawarin komai ba face cewa sunansa na layi. Duk da haka sharaɗin takardar jami'a yana kansa shi ma, domin in gurbi ya buɗe bai shirya ba, tsallake shi za a yi.

Mafi yawan jimlolin da ke cikin irin waɗannan saƙonni ba don mutum ɗaya aka rubuta su ba. Yabon hazaƙarka, da ambaton yawan waɗanda suka nema, da farin cikin da jami'a ke yi na ganinka, duk rubutu ɗaya ne ake tura wa dubban mutane, suna kawai ake sauyawa. Ba ƙarya ba ce, gaisuwa ce, kamar yadda ɗan kasuwa ke ce wa kowane mai ciniki "ranka ya daɗe". Gane su ba wuya: jimlar da za a iya cirewa a manna a wasiƙar wani ba tare da an taɓa harafi ɗaya ba, ba ita ce alkawarin ba. Alkawari yana zuwa ne da suna, da adadi, da rana: sunan kwas ɗin, kuɗin da za a biya, wanda zai biya, da ranar da tayin zai mutu.

Ƙananan kalmomi ne ke riƙe da igiyar. "Will" na nufin za a yi, "may" na nufin mai yiwuwa. "Eligible" cewa ce ka cancanci ka nema, ba a ce an ba ka ba. Duk abin da ya biyo bayan "subject to" shi ne ƙofar da mai tayin zai iya fita ta cikinta ba tare da ya saɓa magana ba. Amma wadda ta fi cin aljihun iyaye ita ce "up to". A ce kuɗin makaranta fam 20,000 ne, jami'a ta rubuto cewa ɗalibi na iya samun tallafi "up to £5,000". Fam 5,000 rufin ɗaki ne, ana iya ba shi 1,000. Ko an ba shi duka, saura fam 15,000 na kansa, ban da masauki da abinci da jirgi. Wannan rangwame ne aka sa wa rigar tallafi. Ko Chevening, da ke ɗaukar kuɗin makaranta da na zama da na jirgi, ta sa iyaka a kan abin da take biya wa masu karatun MBA, ragowar ɗalibi ne zai nemo.

Malamar ta cika sharuɗɗa, takardar tabbacin tallafi ta ƙarshe ta iso. Har yanzu ba ta da izinin shiga Birtaniya. Jami'a za ta ba ta lambar CAS, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, kuma lambar shaida ce kawai cewa jami'a ta amince ta ɗauki nauyin zuwanta. Hukunci na ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ne. Ita takardar Chevening za ta tsaya mata a matsayin shaidar kuɗi. Ɗalibin da ke biya da kansa kuwa sai ya nuna kuɗin sun zauna a asusu kwana 28 a jere, ba tare da sun sauka ƙasa da adadin da ake buƙata ko da rana ɗaya ba.

Bayan makonni sai wani gajeren saƙo ya shigo yana cewa an yanke hukunci a kan takardunta. Masu nema kan zauna suna tsefe shi, wani ya ce lafazin na nuna an bayar, wani ya ce sa'ar da aka turo shi alama ce. Aikin banza ne. Sanarwar cewa an yanke hukunci ba ta faɗi wane hukunci ba. Amsar tana cikin takardar hukuncin kanta.

A ɓangaren Amurka abin yakan juye, kalma mai ban tsoro ta zo da ƙofa a buɗe. Wanda jami'in biza ya miƙa wa takarda ƙarƙashin sashe na 221(g), in ya duba shafin CEAC zai ga "Refused". A doka ƙi ne, amma sau da yawa ma'anarsa ana jiran wata takarda ne daga gare shi, ko ana ƙarin bincike, kuma yana da shekara ɗaya ya kawo abin da aka nema. Wanda aka ƙi ƙarƙashin 214(b), wato bai gamsar da jami'in cewa zai dawo gida ba, shi ma kalmar da zai gani ke nan, sai dai nasa fayil ɗin an rufe. In yana so, sai ya sake nema daga farko, ya sake biyan kuɗi.