Rabin maki da ke iya janyo wa matashin Tawa asarar maki 25 a hanyar Kanada

Matasan jihar Tawa sun daɗe da sanin hanyar Abidjan da Libiya wajen cin rani. Wanda ya yi karatu, misali a Jami'ar Djibo Hamani, kuma yake hangen Kanada, yana da wani jari a hannu: Faransanci. Tsarin shige da fice na Express Entry yana ƙara maki 25 ga wanda ya kai mataki na 7 a Faransanci. Ƙarin yana zama 50 idan ya kai mataki na 5 a Ingilishi a saurare da karatu da rubutu da magana. A ɓangaren magana na jarrabawar IELTS, wannan mataki yana nufin maki 5.0, don haka wanda ya samu 4.5 ya rasa rabin ƙarin.

Gwajin maganar hira ce ta minti 11 zuwa 14 da mai jarrabawa, kuma ana naɗar ta. Mai jarrabawar yana auna abu huɗu daban-daban: gudanar magana da haɗuwarta, yawan kalmomi, nahawu, da furuci. Kowanne yana da makinsa har zuwa 9, nauyinsu ɗaya, sannan a haɗa a raba huɗu.

A ɗauki misalin matashin da aka ba kati ya bayyana wani wuri a garinsu. Yana da minti ɗaya na shiri, sannan ya yi magana har minti biyu. Ya zaɓi rijiyar ƙauyensu a Adar, amma kalmar rijiya ta Ingilishi ta ɓace masa. Ya yi shiru yana lalube, ya koma farkon jimla, ya sake tsayawa. Idan haka ta yi ta faruwa a tsawon hirar, zai iya tashi da 4 a gudanar magana, 5 a kalmomi, 5 a nahawu, 4 a furuci. Jimilla 18, a raba huɗu, 4.5 ke nan. Yana buƙatar 20.

Ma'aunin da masu shirya jarrabawar suka wallafa ya nuna inda maki biyun za su iya fitowa. Mai 4 a gudanar magana shi ne wanda ba ya iya ci gaba sai da dogon shiru. Mai 5 yana ci gaba, ko da yana maimaitawa, yana gyara kansa, ko yana tafiya a hankali. Ba sauri ake nema ba.

A wajen kalmomi kuma, ana duba abin da mutum ke yi idan kalma ta kuɓuce masa. Mai 4 da wuya ya gwada faɗin abin ta wata hanya, mai 5 yana gwadawa wani lokaci ya dace, mai 6 kuwa galibi yana dacewa. Da matashin ya ce rami mai zurfi da mutanen gari ke jan ruwa daga cikinsa, da bai yi shiru ba, kuma ya nuna ya iya kewayawa. Wannan ɗabi'a guda, idan ta zauna masa, tana taɓa ma'auni biyu a lokaci ɗaya.

A nahawu, tsoron kuskure yana da tasa illar. Wanda ya tsaya kan gajerun jimloli kawai yana rufe wa kansa hanya, domin daga 5 zuwa sama ana son jin ya gwada jimla mai reshe, irin mai "saboda" ko "wanda" ko "idan", ko da da kuskure. Akwai kuma tarkon da Hausa da Faransanci suka haɗu a kai: duka biyun suna cewa mutum yana da shekara 25, alhali Ingilishi yana amfani da aikatau na kasancewa a nan.

Furuci ba ya nufin kwaikwayon Bature. Abin dubawa shi ne ko mai saurare yana wahala kafin ya gane. Bahaushe yakan cakuɗa sautin p da f, Faransanci kuma yana saba wa baki danna ƙarshen kalma, alhali a Ingilishi gurbin dannawa ya bambanta daga kalma zuwa kalma.

Mai shiri zai iya gwada kansa da wayarsa. Ya naɗi maganar minti biyu, ya ƙirga sau nawa ya tsaya neman kalma, da jimloli nawa ne masu reshe. Daga nan ya ba wani mai jin Ingilishi ya saurara ba tare da ya gaya masa batun ba, ya nuna masa duk inda sai da ya maimaita sauraro kafin ya fahimta.