Keke na Biyu

A wani lungu na Fagge, ba nisa da Kantin Kwari, akwai tela mai shago ɗan ƙarami, keken ƙafa guda ɗaya ƙirar Butterfly, teburin yanka da dutsen guga na gawayi. Shekara huɗu yana ɗinka kaftani da wando, ana yaba hannunsa, amma duk bayan Sallah sai ya duba aljihu ya ga wayam. Kuɗin da zan ambata nan na misali ne, domin farashi a kasuwa ba ya kwana inda ya yini. Yadda lissafin ke tafiya shi ne abin lura.

A watan da ba na Sallah ba yakan ɗinka kaya kamar set 40, kowanne a kan naira 4,000. Zare, gam, maɓalli da gawayi suna cin kamar 700 a kowane set, saura 3,300. Daga ciki ake cefane, a biya hayar shago, a yi zumunci. Abin da ya daɗe yana cin sa kuwa shi ne kafin alƙalami. Mutum ya kawo shadda ya ba da rabin kuɗi, shi kuma ya kashe a ranar kamar ribarsa ce. Ranar da zai zauna kan aikin babu kuɗin zare, sai ya taɓa na wani. Kafin alƙalami bashi ne a wuyan tela har sai kaya sun fita daga shago, kuma da yawa daga cikin rigimar tela da masu kaya daga nan take tasowa.

Da ya gane haka, sai ya sa wa kansa doka: duk set ɗin da mai shi ya karɓa ya cika kuɗi, naira 500 ta keke ce. A wata 20,000 ke nan. Bai yarda ya ajiye a shago ba, don ya san halin kansa da na 'yan'uwa masu zuwa da larura. Ya shiga adashin mutum shida, ya roƙi a ba shi kwasar ƙarshe. Bayan wata shida ya ɗauki 120,000.

Abokansa suka ce ya ciwo bashi ya ƙara, ya sayi keken aikin wuya, tunda kullum waje yake kai wuyan riga yana biya. Shawarar ba banza ba ce, amma wannan keke yana son wuta, wutar kuma sai an ga dama, man janareta kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Ga shi kuma aikin wuya hannu ne daban wanda bai iya ba, sai ya ɗauko gwani ya raba kuɗi da shi. Ya zaɓi wani keken ƙafa na hannu, mai ƙarfen da, irin wanda kowane makaniki ya san cikinsa.

Wajen saye bai yi gaggawa ba. Ya je da ƙyallensa da zarensa. Ya juya keken da hannu a hankali yana saurare, ko akwai inda yake cijewa. Ya kama sandar allura ya girgiza, don idan tana rawa to ta cinye. Ya shafa haƙoran da ke jan yadi ya ji ko sun dakushe. Sannan ya ninka yadi huɗu ya ɗinka, ya juya bayansa. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙasa, galibi saitin zaren sama ne, gyaran minti biyu. Amma idan keke yana tsallake ɗinki ko da an sa sabuwar allura daidai, matsalar tana wajen haɗuwar allura da ƙoshiya, wannan kuwa aikin makaniki ne, dole a rage kuɗinsa daga ciniki. Keke biyu ya bari kafin ya ɗauki na uku.

Keken ya zo shago ya zauna, an lulluɓe shi da zane. Ƙafa biyu gare shi, ba zai taka keke biyu ba.

Bayan Babbar Sallah wani maƙwabci ya kawo ɗansa mai shekara goma sha biyar. Ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana na ba ka. In ya yi ba daidai ba ka hukunta." Tela ya ce, "Allah ya taya mu riƙo, Alhaji. Amma makaranta da safe, shago bayan azahar." Lokacin da ya karɓi yaron ma da lissafi. Daga Babbar Sallah zuwa azumi akwai wata takwas da 'yan kai, isasshen lokaci na koyo. Wanda ya ɗauki sabon yaro ana saura mako biyu azumi ya ƙara wa kansa aiki ne kawai.

Watanni ukun farko asara ce zalla. Naira 500 ta abinci kullum, kwana 26, 13,000 ke nan a wata, alhali yaron shara yake yi da aike da sa maɓalli. Ya yi mako guda yana taka keke babu zare, don ƙafarsa ta saba kada keken ya riƙa juyawa baya yana tsinka zare. Daga nan ya koma bin layi a kan ƙyallaye. Allurar da ya karya ba a ƙirga ba. Wata rana tartsatsin gawayi ya faɗa kan shaddar wani ya huda gaban riga. Yaron ya tsaya jiki na rawa ya ce, "Maigida, wallahi ban gani ba." Tela ya shiga Kwari ya sayo yadi irinta da kuɗinsa, ya gaya wa mai kaya gaskiya. Tun ranar, a ƙofar shago ake hura dutse a kaɗe toka, kuma ba a goge shadda sai an shimfiɗa ƙyalle a kai.

A wata na huɗu ya fara ba shi kalmasa da dogon ɗinkin gefen wando. Awo da yanka da wuya da aljihu ya riƙe wa kansa, domin ɗinkin da ya karkace ana farkewa a sake, amma abin da almakashi ya ci ba ya dawowa. Da wando da guga suka bar hannunsa, sai ya koma fitar da set uku a yini maimakon biyu.

A ganina nan ne masu zumuɗi suke ruɗuwa. Iya ɗinka uku a yini ba shi ne samun masu kawo uku ba. A watan da aka saba, aikin daga 40 zuwa 50 kawai ya tashi. Ƙarin set goma sau 3,300 ya ba da 33,000, a cire 13,000 ta yaro, saura 20,000. Ke nan sai an yi wata shida a haka kafin keken ya mayar da kuɗinsa, ban da asarar watannin koyo da shaddar da ta ƙone.

Azumi ne ya nuna amfanin abin. Bara set 60 ya iya fitarwa, ya kuma kunyata mutum biyar da safiyar Idi. Bana ya buɗe littafi, kowane kaya da suna da ranar karɓa, da lissafi ya kai 85 ya daina karɓa, har na surukinsa. Ranar jajibere kafin isha'i ya rufe shago.

Yaron ba zai dawwama ba, shi ma ya sani. Nan da shekara biyu ko uku za a yaye shi, ƙila ma ya tafi da wasu masu kawo ɗinki. Shi ya sa ya fara biyansa a kan kowane wando da ya gama shi kaɗai, ya kuma ce wa maƙwabcin ya turo ƙanen ya fara shara. Naira 500 ɗin nan har yau ana cire ta, sai dai yanzu a kan set 50, kuma ya sake shiga adashi, kwasar ƙarshe.